Farashin Cikin Gida: Yadda Sassan Kamfani Ɗaya Ke Sayar wa Juna Kaya, da Abin da Ke Yanke Iyakar Farashin

Babban kamfani yakan kasu sassa-sassa, kowane sashe da manajansa, da littafin lissafinsa, da ribar da ake sa ran ya kawo a ƙarshen shekara. Sau da yawa abin da wani sashe ya sarrafa shi ne kayan aikin wani. Mai injin casar shinkafa yana karɓar shanshera daga gonar kamfanin, matatar mai tana karɓar ɗanyen mai daga sashen haƙowa. Farashin da ake rubutawa a littafi idan kaya suka tashi daga wannan sashe zuwa wancan shi ne farashin cikin gida.

Da farko mutum zai ɗauka cewa wannan farashi ba shi da wani tasiri, tunda kuɗin daga aljihun dama suka koma na hagu. Gaskiya ne cewa idan kayan sun riga sun wuce, jimillar ribar kamfani ba ta canzawa ko nawa aka rubuta. Amma farashin shi ke yanke ko kayan za su wuce ɗin. Manajan da ake auna shi da ribar sashensa zai ƙi cinikin da zai rage masa riba, ko da cinikin alheri ne ga kamfanin gaba ɗaya. Haka kuma farashin ne ke nuna wane sashe ya ci riba, wane ya faɗi, kuma a kan wannan hoton ake ƙara wa wani girma, a rufe wani sashe, a sallami ma'aikata.

Matsalar ta taso ne tun da manyan kamfanonin Amurka irin su General Motors suka rarraba kansu zuwa sassa masu cin gashin kansu a shekarun 1920. A 1956 masanin tattalin arziki Jack Hirshleifer ya wallafa nazarin da ya zama tushen yadda ake koyar da batun har yau. Jigon batun shi ne: mai sayarwa yana da farashin da ba zai sauka ƙasa da shi ba, mai saye yana da wanda ba zai haura ba, kuma iyakar mai sayarwa tana motsawa bisa ga ko injinsa na da sauran ƙarfi ko babu.

Misalin da za a bi

A ɗauka akwai wani kamfani a Kano mai sassa biyu. Alƙaluman na misali ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi. Sashe na farko injin haɗa abincin kaji ne, wanda iyakar abin da zai iya fitarwa a wata shi ne buhu 10,000 mai kilo 25. Sashe na biyu gonar kaji masu ƙwai ce, mai kaji kimanin 20,000, tana cin buhu 3,000 a wata.

Kuɗin da injin ke kashewa iri biyu ne, kuma duk lissafin ya rataya a kan bambance su. Na farko shi ne kuɗin da ke bin kaya, wato wanda ba a kashe shi sai an yi buhun. Masara da waken suya da dusa da sauran haɗi suna cin naira 14,000 a kowane buhu. Dizal da wutar lantarki da ladan leburori suna cin naira 1,500. Idan buhun kasuwa za shi, akwai ƙarin naira 500 na la'adar dillalai da kuɗin mota. Ke nan buhun da ya tafi kasuwa ya ci naira 16,000, wanda ya tsallaka zuwa gonar kamfanin kuwa naira 15,500, domin babu dillali a tsakani.

Iri na biyu shi ne tsayayyen kuɗi: hayar wuri, albashin ma'aikatan dindindin, tsufan injin. Wannan naira miliyan 20 ne a wata, ko an yi buhu ɗaya ko an yi dubu goma. Idan injin ya yi aiki iya ƙarfinsa, kowane buhu ya ɗauki naira 2,000 daga ciki, sai cikakken kuɗin buhun kasuwa ya zama naira 18,000.

Injin yana sayar da buhu a kasuwa a kan naira 20,000. Idan aka cire naira 16,000 na kuɗin da ke bin kaya, kowane buhu yana barin naira 4,000. Daga wannan rarar ake biyan tsayayyen kuɗi, abin da ya saura ya zama riba. A ɗaya ɓangaren, wani kamfani na waje ya yi wa gonar tayin abinci mai inganci iri ɗaya a kan naira 19,000, har ƙofar gona, saboda za ta saya da yawa.

Iyakar sama: abin da mai saye zai iya biya

Manajar gonar tana duba abu biyu. Na farko, farashin waje. Ba za ta biya ɗan'uwanta na injin fiye da naira 19,000 ba, alhali ga irin kayan a bakin ƙofa a kan haka.

Na biyu, abin da buhun ke haifar mata. A ce kowane buhu yana samar da ƙwai kiret biyar, kiret kuma yana kan naira 5,200, wato naira 26,000. Magani da rigakafi da kwalin ƙwai da sufuri suna cin naira 5,000. Abin da ya rage, naira 21,000, shi ne ainihin darajar buhun a wajenta. Duk farashin da ya wuce haka, asara take yi a kan kowane buhu, ko daga wa ta saya.

Ƙa'idar ita ce a ɗauki mafi ƙanƙanta daga cikin biyun. A nan naira 19,000 ce iyakar sama. Amma iyakar tana iya sauka. Idan ƙwai ya yi kwantai har kiret ya faɗo naira 4,600, kiret biyar sun koma naira 23,000, darajar buhu ta koma naira 18,000, kuma wannan ce sabuwar iyaka. Kaji dai dole su ci yau, saboda haka ba a ranar za a daina sayen abinci ba. Amma idan yanayin ya ɗore, lissafin yana gaya wa manajar ta rage kaji maimakon ta ci gaba da biyan fiye da hakan.

Iyakar ƙasa: abin da mai sayarwa ba zai sauka ƙasa da shi ba

Manajan injin yana tambayar kansa: idan na ba gona buhu ɗaya, me na kashe, me kuma na rasa? Amsar ita ce ƙa'idar iyakar ƙasa:

Iyakar ƙasa = kuɗin da ke bin kowane buhu + ribar da aka sadaukar saboda ba da shi a gida

Kashi na farko sananne ne, naira 15,500. Kashi na biyu shi ne mai motsi, kuma yana bin yanayin kasuwar injin. Yanayin uku ne.

Yanayi na farko: injin na da rarar ƙarfi

A ce kasuwa ba ta ɗaukar fiye da buhu 7,000 a wata. Injin yana zaune ba aiki na tsawon lokacin da zai isa a yi buhu 3,000, daidai buƙatar gonar. Idan ya yi wa gonar, bai hana kowane mai saye na waje ko buhu ɗaya ba. Ribar da aka sadaukar sifili ce, iyakar ƙasa kuwa naira 15,500.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, suna cewa ai cikakken kuɗin buhu ya haura haka, don haka sayarwa a naira 16,000 ko 17,000 faɗuwa ce. Ba haka ba ne. Naira miliyan 20 na haya da albashi za a biya su ko an yi wa gona aiki ko ba a yi ba. Duk naira ɗaya da ta haura 15,500 ƙari ce da injin ba zai samu ba in ya zauna haka.

Tsakanin 15,500 da 19,000 akwai tazarar naira 3,500 a kowane buhu. A buhu 3,000, naira miliyan 10.5 ke nan a wata da kamfanin zai tsira da su idan cinikin ya kasance a gida. Inda aka tsayar da farashin a cikin wannan tazara ba ya ƙara ko rage wannan kuɗi, rabonsa kawai yake yi. Idan aka daidaita a naira 17,500, injin ya samu naira 2,000 a buhu, wato miliyan 6, gonar kuma ta rage kashe naira 1,500 a buhu, wato miliyan 4.5. Jimilla dai miliyan 10.5 ce.

Haɗarin yana nan idan manajan injin ya kafe cewa farashinsa naira 20,000 ne ga kowa. Manajar gonar za ta juya ga mai naira 19,000, kuma a littafinta ta yi daidai. Amma kamfanin ya fitar da naira 19,000 zuwa waje don abin da zai iya yi da naira 15,500, ga injinsa a kashe. Kowane manaja ya kare sashensa, kamfanin ya yi asarar miliyan 10.5 duk wata.

Yanayi na biyu: injin ya cika maƙil

Yanzu a ce kasuwa tana kwashe buhu 10,000 ɗin duka. Duk buhun da aka ba gona, an ƙwace shi ne daga hannun mai saye da zai bar rarar naira 4,000. Iyakar ƙasa ta zama 15,500 a tara da 4,000, wato naira 19,500. Wata hanyar kallon wannan adadi ita ce farashin kasuwa, naira 20,000, a cire naira 500 na dillali da mota da ba a kashe ba.

Iyakar sama tana nan a naira 19,000. Ƙasan mai sayarwa ya haura saman mai saye, babu farashin da zai gamsar da su biyun. Wannan ba alamar taurin kai ba ce, lissafi ne ke cewa kada a yi cinikin. Abin da ya fi wa kamfanin shi ne injin ya sayar da komai a kasuwa, gonar ta saya a waje. Idan shugabannin kamfani suka tilasta, bisa tunanin cewa abin kunya ne mai injin abinci ya sayi abinci a waje, to a kowane buhu an rasa cinikin naira 20,000, an tsira da 500 na dillali da 19,000 na sayen waje. Saura asarar naira 500 a buhu, miliyan 1.5 a wata.

Injin ɗaya ne, buhun ɗaya ne, kuɗin haɗa shi bai canza ba. Abin da ya ɗaga iyakar daga 15,500 zuwa 19,500 shi ne kawai samuwar wani mai saye a waje.

Yanayi na uku: rarar ba ta isa ba

Wannan shi aka fi gamuwa da shi a zahiri. A ce kasuwa tana ɗaukar buhu 9,000. Rarar buhu 1,000 ce, gonar kuma tana son 3,000. Idan za a ba ta duka, sai an janye buhu 2,000 daga kasuwa, a sadaukar da naira 4,000 a kowanne, jimilla miliyan 8. Idan aka raba wannan a kan buhu 3,000, kowanne ya ɗauki kimanin naira 2,667, iyakar ƙasa ta zama kusan naira 18,167. Tana ƙasa da 19,000, saboda haka cinikin zai yiwu, kuma kamfanin zai amfana da miliyan 2.5.

Sai dai matsakaicin farashi yana ɓoye wani abu. Buhu 1,000 na farko kowanne yana kawo wa kamfani ribar naira 3,500, wato miliyan 3.5. Sauran 2,000 kowanne yana jawo asarar naira 500, wato miliyan 1. Da za a karɓi 1,000 daga gida, a sayi 2,000 a waje, da amfanin ya zama miliyan 3.5 cif. Sharaɗin shi ne mai kawowa na waje ya yarda ya bar farashinsa a 19,000 duk da an rage yawan kayan, kuma canza wa kaji abinci tsakanin iri biyu bai taɓa yawan ƙwai ba. Idan ɗayan waɗannan bai samu ba, sai a koma ga lissafin farko.

Inda ake kuskure

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora riba a kan cikakken kuɗi. Akanta zai ɗauki naira 18,000, ya ƙara kashi 10 cikin 100, ya ce farashin gida naira 19,800 ne. Wannan ya haura tayin waje, sai gonar ta fita, ko da injin yana zaune ba aiki. Abin ya fi muni idan kasuwa ta ja baya. Idan buhu 7,000 kawai ake yi, rabon kowanne daga tsayayyen kuɗi ya tashi daga naira 2,000 zuwa kusan 2,857. Ke nan a daidai lokacin da ya kamata injin ya sassauta don ya samu aiki, wannan hanya tana sa shi ya tsawwala.

Na biyu shi ne amfani da ainihin abin da aka kashe maimakon abin da ya kamata a kashe. Idan aka ce gonar za ta biya duk abin da buhu ya ci, to masarar da ta ruɓe a sito da dizal ɗin da ya salwanta duk sun koma kanta, manajan injin kuma ba shi da dalilin tsuke hannu. Maganinsa shi ne a tsayar da ƙiyasin kuɗin buhu tun farkon zango, abin da ya haura ya zauna a littafin injin.

Na uku shi ne ɗaukar rara a matsayin abu na dindindin. Buƙatar kasuwa tana hawa tana sauka. Yarjejeniyar shekara guda da aka ƙulla a naira 16,000 lokacin da injin ke zaune za ta zama ƙaya idan kasuwa ta buɗe bayan wata uku. Kuma idan buƙatar gonar ta zama ta kullum har sai an sayo sabon inji dominta, to kuɗin injin ya daina zama tsayayye a wannan shawara, dole ya shiga lissafi.

Akwai kuma matsalar gaskiya. Manajan injin ne ya san ko yana da rara, kuma amfaninsa ne ya ce ba shi da ita. Manajar gonar ce ta san tayin waje, kuma amfaninta ne ta rage shi. Shi ya sa mai bincike ba ya tsayawa a kan bakinsu. Yana duba awannin da injin ya yi aiki, da kayan da suka taru a sito, da odar da aka mayar saboda rashin kaya, da rubutaccen tayin mai kawowa na waje.

Kamfanoni na da dabarun rage wannan rikici. Wasu suna barin manajoji su yi ciniki a cikin tazarar. Wasu suna raba farashin biyu: gonar ta biya naira 15,500 a kowane buhu, sannan ta biya wani dunƙulallen kuɗi duk wata a matsayin hayar kason injin da aka keɓe mata. Ta haka tana ganin ainihin kuɗin ƙarin buhu ɗaya lokacin yanke shawara, injin kuma yana samun abin biyan haya da albashi.

Abin da ya shafi dukiyar jama'a

Wannan lissafi ba na 'yan kasuwa kaɗai ba ne. Shekaru da yawa ana ware wa kamfanin mai na ƙasa, NNPC, gangar ɗanyen mai 445,000 a rana don amfanin cikin gida, adadin da ya yi daidai da jimillar ƙarfin matatunsa: 210,000 a Fatakwal, 125,000 a Warri, 110,000 a Kaduna. Ɗanyen mai kaya ne da kullum yake da mai saye a kasuwar duniya. Saboda haka gangar da ta shiga matata ta yi kama da buhun yanayi na biyu: iyakar ƙasanta ita ce farashin fitarwa, a cire kuɗin da aka huta kashewa. Duk abin da aka rubuta ƙasa da haka rangwame ne, kuma yana fita ne daga kuɗin da za su shiga asusun tarayya, ko an kira shi tallafi ko ba a kira ba.

A lura da wani ruɗani. Matatun sun daɗe suna aiki ƙasa da ƙarfinsu nesa ba kusa ba, amma wannan rara ce a ɓangaren mai saye. Rarar da ke sauko da iyakar ƙasa ita ce ta mai sayarwa. Zaman matata ba aiki ba ya rage darajar gangar da za a iya lodawa a jirgi.

Haraji kuma wani fage ne. Idan sassan biyu suna cikin kamfani ɗaya mai rajista ɗaya, ribarsu a haɗe ake yi mata haraji. Amma idan kamfanoni ne daban-daban masu uwa ɗaya, musamman a ƙasashe biyu, farashin yana iya kwashe riba daga inda haraji ke da yawa zuwa inda yake da sauƙi. Don haka Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin farashi tsakanin kamfanoni masu alaƙa a 2012, hukumar FIRS ta sabunta su a 2018. Ma'auninsu shi ne farashin da baƙi biyu marasa alaƙa za su amince da shi. Kamfanin da ya sayar wa ɗan'uwansa da araha bisa hujjar rarar ƙarfi, sai ya iya nuna cewa da baƙo ne ma haka zai yi masa.

Tambayoyin da za a yi

Duk wanda ya ci karo da rahoton cewa wani sashe na kamfani, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya ci riba ko ya faɗi, yana da tambayoyi huɗu kafin ya yarda. Nawa aka rubuta kayan da sashen ya karɓa ko ya bayar a cikin gida? Wa ya tsayar da farashin, manajojin ne ko an ɗora musu daga sama? Nawa irin kayan suke a waje a wannan lokaci? Sannan wadda ta fi sauran nauyi: da ba a ba da kayan a gida ba, akwai mai sayensu a waje, ko injin zama zai yi? Idan akwai mai saye, farashin da ya gaza na kasuwa da fiye da kuɗin da aka huta kashewa tallafi ne da wani ke biya. Idan babu, farashin da ya kori ɗan gida zuwa waje asara ce da ba za ta fito a littafin kowane sashe ba.